Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za Ka Hana Tunatarwar Wayarka Rikicewa Idan Ka Bar Agogon Najeriya

Duk lokacin da aka fara shirin tafiya karatu waje, ko Umara ta matso, sai in ga mutane sun zo mini da waya a hannu, daga Samaru, daga Kongo, har daga cikin birni. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Na yi shekara ɗaya a Birtaniya, daga Satumban 2023, kuma yawancin abin da ke nan sai da na yi kuskurensa tukuna na gane shi.

Yaya, ai waya tana gyara agogonta da kanta. Mene ne kuma abin damuwa?

Agogon takan gyara, gaskiya ne. Abin da ba ta sani ba shi ne me kake nufi da "ƙarfe 8" lokacin da ka sa tunatarwa. Akwai ƙarfe 8 na inda kake tsaye, kamar na tashi zuwa aji: ko a Zariya kake ko a Alƙahira, agogon bangon ɗakinka kake bi. Akwai kuma ƙarfe 8 na Zariya, kamar lokacin da Hajiya take zaune tana jiran kiranka bayan Isha'i. Wannan ba ya bin ka ko'ina, yana nan inda ka bar shi, kai ne za ka lissafa ƙarfe nawa ya kama a wurinka. Na uku shi ne lokacin salla da buɗa baki, wanda ba ruwansa da agogon kowa, rana yake bi.

Muna gida duka ukun a haɗe suke, saboda Najeriya agogo ɗaya gare ta daga Sakkwato har Kalaba, awa ɗaya gaba da agogon GMT, kuma ba a taɓa shi rani da damina. Sai ka sauka daga jirgi suke rabuwa. Ƙararrawar waya tana bin nau'i na farko: ka sa ta ƙarfe 6, za ta buga ƙarfe 6 na duk garin da wayar ta ɗauka tana ciki. Kalandar waya kuma tana bin na biyu: tana riƙe ainihin lokacin da abu zai faru, sai ta juya maka shi zuwa agogon inda kake. Kusan duk rikicin da na gani daga nan yake, mutum ya sa abin kalanda a ƙararrawa, ko abin ƙararrawa a kalanda.

Nawa ne bambancin agogo tsakanin Zariya da wuraren da aka fi zuwa?

Saudiyya tana gaba da mu da awa 2, haka ma Turkiyya. Dubai awa 3. Indiya awa 4 da rabi, kuma rabin nan yana rikita mutane fiye da awa huɗun. Malesiya da Sin awa 7. Waɗannan duka ba sa canza agogonsu a cikin shekara, saboda haka lissafi ɗaya za ka haddace ka huta. Nijar agogonmu ɗaya, Gana kuma tana bayanmu da awa ɗaya.

Masu wahalar su ne masu matsar da agogo. Birtaniya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonta daidai yake da namu, sauran watannin tana bayanmu da awa ɗaya. Jamus akasin haka: lokacin sanyi muna tare, lokacin zafinsu suna gaba da awa ɗaya. Masar ta dawo da wannan tsari a 2023, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da mu da awa 2, sauran shekara awa ɗaya. Amurka kuma nata ranakun daban ne, Lahadi ta biyu a Maris da Lahadin farko a Nuwamba.

Na je Birtaniya a Satumba komai lafiya lau, sai a ƙarshen Oktoba abubuwa suka lalace. Me ya faru?

Wannan shi ne ramin da na faɗa, kuma yawancin ɗalibanmu suna faɗawa, don karatu a can a Satumba ake farawa. Ka sauka ka tarar agogon Landan da na Zariya ɗaya ne, sai ka saki jiki, ka ɗauka babu wani lissafi.

Ina da karatu da wani malamina na cikin birni ta waya, duk daren Litinin ƙarfe 9. Na sa ƙararrawa ƙarfe 9, makonni biyar ana yi ba matsala. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2023, da ƙarfe 2 na dare, aka mayar da agogon Birtaniya baya zuwa ƙarfe 1. Wayata ta bi ba tare da ta ce mini komai ba. Daren Litinin ƙararrawa ta buga ƙarfe 9 na can, na kira. Sai da ta daɗe tana ƙara aka ɗauka, na ji muryar mai barci.

"Allah ya gafarta Malam, ko na tashe ka ne?"

"Ɗana, ai goma ta yi. Na jira ka har na rufe littafin."

Washegari Talata kuma kuskuren ya juyo ta ɗaya gefen. Ina da ganawa da malamar da ke duba aikina duk Talata ƙarfe 10 na safe. Na shigar da ganawar a kalanda ne daga kwamfutata, wadda har lokacin tana kan agogon Legas ban lura ba. Kalanda ta riƙe ta a matsayin ƙarfe 10 na Najeriya. Da Birtaniya ta koma baya, ƙarfe 10 na Najeriya ya zama ƙarfe 9 a can, waya ta tunatar da ni ƙarfe 9, na tafi cikin sanyi na zauna awa guda a bakin ofis a rufe. Da dai kuskuren ya faɗo a Maris ne, da makara zan yi, ba sammako ba.

Gyaran ba shi da wuya. Karatun Malam na Zariya ne, sai na cire shi daga ƙararrawa na sa shi a kalanda, na zaɓa masa agogon Legas. Daga nan kalanda da kanta take nuna mini ƙarfe 8 lokacin sanyi, ƙarfe 9 lokacin zafi. Ganawar malama ta Birtaniya ce, sai na buɗe ta na canza mata agogo zuwa na Landan, ta tsaya a ƙarfe 10 ko an matsa ko ba a matsa ba. Ƙa'idar ita ce: abin da yake maimaituwa duk mako yana bin agogon garin da aka ɗaure shi da shi ranar da aka shigar da shi, ba garin da kake yau ba.

Ina zan taɓa a wayar?

A iPhone ka shiga `Settings > General > Date & Time` ka kunna `Set Automatically`. A Android sunan ya ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ka nemi `Date & time` a cikin `Settings`, ka kunna wanda yake maganar `time zone` ya riƙa saita kansa. Kada ka tsaya a nan, domin kalanda tana da nata saitin daban. A manhajar Google Calendar, ƙarƙashin `Settings > General`, akwai `Use device's time zone`, ka bar shi a kunne. A kalandar iPhone akwai `Time Zone Override`. Idan yana kunne kuma an sa masa Legas, kalandar za ta ci gaba da nuna maka komai da agogon gida ko kana Kuala Lumpur. Ka kashe shi, sai dai in da gangan kake so.

Kwamfuta ita aka fi mantawa da ita. A Windows, agogonmu yana fitowa da sunan `(UTC+01:00) West Central Africa`. Ranar da ka isa ka canza shi kafin ka shigar da ko abu ɗaya a kalanda.

Lokacin da kake shigar da wani abu a Google Calendar akwai wurin `Time zone` kusa da inda ake sa lokaci. Nan ne kake faɗa wa kalanda ƙarfe 9 na wane gari kake nufi. Yawancin mutane ba su taɓa danna shi ba a rayuwarsu, don a gida babu buƙata.

Na sauka filin jirgi amma wayata tana nuna agogon Najeriya. Na kunna komai. Me ya hana?

Waya tana sanin inda take ta hanya biyu: ko daga kamfanin sadarwar da ta kama, ko daga na'urar gano wuri da ke cikinta. Idan layinka na Najeriya bai kama wani kamfani a can ba, kuma ka kashe `Location` don tattalin caji, to wayar ba ta da wanda zai gaya mata ta bar Kano. Intanet na filin jirgi kaɗai ba lallai ya isa ba. Ka kunna `Location`, ko ka sa layin ƙasar, ko kuma ka kashe saitin kai-tsaye ka zaɓi sunan birnin da hannunka. Ka gwada abin da waya ta nuna da agogon bangon filin jirgin kafin ka yarda da ita.

Masu yada zango su ƙara lura. Lokacin da aka rubuta a tikiti kullum na filin jirgin da abin zai faru ne: tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka. Idan ka biyo ta Adis Ababa, wadda ke gaba da mu da awa 2, kuma wayarka ba ta juya ba, jirgin da aka rubuta ƙarfe 11 na dare zai tashi wayarka tana nuna ƙarfe 9, kana zaune kana shan shayi.

Me zai hana in matsar da agogon wayar da hannu kawai, in ƙara awa biyu?

Kada ka yi. Wannan ne abin da na fi hana mutane, musamman dattawa masu zuwa Umara da yaransu suke saita musu waya a gida. Akwai bambanci tsakanin ka ce wa waya "yanzu muna Makka" da ka ce mata "muna Zariya, amma ƙarfe 5 ne" alhali ƙarfe 3 ne. A na farko wayar ta san ainihin lokacin duniya, sunan wuri kawai ta canza. A na biyu ka yi mata ƙarya ne, kuma duk abin da ya dogara da ainihin lokaci zai karkace da awa biyu. Lokutan da ke jikin saƙonni za su ruɗe, kalanda za ta tunatar da kai a lokacin da ba shi ba, manhajar salla za ta yi kiran salla ba kan ƙa'ida ba. Mafi ciwo, manhajojin da ke ba da lambar sirri mai canzawa duk daƙiƙa 30, irin wadda jami'o'i da yawa suke sa ɗalibi ya yi amfani da ita wajen shiga shafinsa, daga agogon waya suke lissafa lambar. Agogo ya kauce, lamba ba za ta shiga ba, kai kuma kana ta zargin shafin makaranta.

Idan so kake ka riƙa ganin lokacin gida, manhajar agogo tana da sashen agogon duniya. Ka ƙara `Lagos` a ciki. Ba lallai ka samu Zariya ko Kaduna a jerin ba, kuma ba komai, duka ɗaya ne.

Ina shan magani kullum ƙarfe 8 na dare, zan tafi Malesiya. Wane ƙarfe 8 zan bi?

Wannan ita ce tambayar da ba na son a yi wasa da ita. Jiki bai san agogon bango ba, tazarar da ke tsakanin sha da sha ya sani. Bari mu yi lissafin.

Ƙarfe 8 na dare a Zariya ƙarfe 3 na dare ne a Kuala Lumpur. Idan ka ce za ka riƙe lokacin gida, kullum sai ka tashi tsakar dare, kuma ba za ka jure ba. Idan kuma ka bar ƙararrawa ta yi aikinta, za ta buga ƙarfe 8 na dare na can, wanda ya yi daidai da ƙarfe 1 na rana a Zariya. Wato tsakanin shan ƙarshe na agogon gida da shan farko na agogon can awa 17 ne, ba 24 ba. Ranar da za ka dawo hutu kuma abin ya juya: tazarar ta zama awa 31. Tafiya gabas tana gajarta maka ranar, dawowa yamma tana tsawaita ta.

Ga wasu magungunan wannan tazarar sau ɗaya ba wani abu ba ce. Ga wasu kuwa babban abu ne: allurar insulin ta masu ciwon suga, maganin farfaɗiya, maganin rage kaifin ƙwayar cutar HIV, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa waɗanda jinkirin da ya wuce awa 3 yake rage musu aiki. Saboda haka kafin tafiya ka je wurin likitanka ko mai haɗa magani da abu uku a rubuce: lokacin da kake sha yanzu, lokacin tashi da saukar jirgi, da bambancin awa. Shi zai ce maka ka koma sabon lokaci kai-tsaye, ko ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya shafi waya a nan shi ne ranar tafiyar kanta. A cikin jirgi da wurin yada zango, ƙararrawa ba abin dogaro ba ce, tunda agogon wayar yana iya tsalle sau biyu a yini ɗaya, har ya tsallake lokacin da ka sa ba tare da ta buga ba. Ka yi amfani da `Timer`, wanda yake ƙirga awanni daga lokacin da ka danna, ba ruwansa da wace ƙasa kake. Ka sha magani, ka sa masa adadin awannin da likita ya faɗa. Ka kuma rubuta a takarda lokacin da ka sha, tare da sunan garin da agogonsa ka duba.

Wanda zai je Saudiyya ko Masar, inda bambancin bai wuce awa 2 ba, sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne ya riƙe lokacin gida: 8 na dare ta zama 10 na dare a Madina, shi ke nan.

Manhajar salla fa? Tana kiran Magariba rana tana tsaka.

Tana kan Zariya har yanzu. Da yawa mun zaɓi garin da hannu tun ranar da muka sauke manhajar, sai ta ci gaba da lissafa faɗuwar ranar Zariya. Ka shiga ka canza garin, ka kuma tabbatar agogon wayar ya juya, don sai biyun sun dace lissafin yake fita daidai.

Bayan wannan akwai abin da ke ba ɗan Zariya mamaki. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, Magaribarmu ba ta fita daga tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, shi ya sa wasu ƙararrawa kawai suke sawa su manta. A Landan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, a Yuni kuma sai bayan ƙarfe 9 na dare. Ƙararrawa tsayayya ba za ta daɗe tana daidai ba. A azumin 2024 ma an matsar da agogo ana cikin watan, ranar 31 ga Maris: jiya mun sha ruwa wajen 6 da rabi, yau sai wajen 7 da rabi. Ranar ba ta ƙara tsawon awa guda ba, lambar agogo ce ta canza, amma wanda ya dogara da ƙararrawar jiya da ya buɗe baki awa ɗaya kafin lokaci.

Sai saiti biyu a cikin manhajar. Na La'asar yana da zaɓi tsakanin `Standard` da `Hanafi`. Namu na Malikiyya yana cikin na farko, masallatai da yawa a Birtaniya kuma na biyu suke bi, shi ya sa za ka ga jam'insu ya yi nisa da abin da wayarka ta nuna. Na Asuba da Isha'i kuma ya dogara da hanyar lissafi: ta Masar daban, ta Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya daban, ita tana sa Isha'i minti 90 bayan Magariba a wajen azumi. A ƙasashen da ke can arewa sosai, tsakiyar lokacin zafi shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya, sai manhajoji su yi ta saɓa wa juna. Ni shawarata ka karɓi jadawalin masallacin unguwarka, ka daidaita manhajar da shi.

Ina waje amma ina da darasi ko jarrabawa ta intanet a gida. Yaya zan sa shi?

A kalanda, da agogon Legas, kamar yadda na yi da karatun Malam. Wannan ya shafi masu karatu daga nesa da Jami'ar Ahmadu Bello suna zaune a wata ƙasa, da masu taron iyali na mako-mako. Wa'adin miƙa aiki ma haka: 11:59 na daren Juma'a a Najeriya ƙarfe 6:59 na safiyar Asabar ne a Beijin, amma a Landan lokacin sanyi 10:59 ne na daren Juma'ar. Na Sin ya samu rarar dare guda a idonsa, na Birtaniya ya yi asarar awa ɗaya, alhali lokacin ɗaya ne.

Idan kai ne kake sanar da lokaci a zauren 'yan uwa, ka yi yadda gidajen rediyo suke yi, ka ce "ƙarfe 8 agogon Najeriya da Nijar". Kalmomi huɗu ne, suna raba gardama. Ka kuma kula da Turawan da suke rubuta GMT a watan Yuli alhali agogon bangonsu suke nufi, wanda a lokacin yana gaba da GMT da awa ɗaya. In taron mai muhimmanci ne ka tambaya.

Akwai yadda zan gwada tun ina gida?

Akwai, kuma minti biyar ne. Manhajojin tunatarwa ba halinsu ɗaya ba: wata tana bin ka kamar ƙararrawa, wata tana tsayawa kamar kalanda, kuma ba sa rubuta wannan a goshinsu. Ka zauna da wayarka, ka kashe saitin kai-tsaye, ka zaɓi birnin da za ka je, kada ka taɓa lambar agogon. Sai ka buɗe ƙararrawa, kalanda, manhajar magani da duk inda kake da tunatarwa, ka duba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsaya a lambarsa yana bin agogon bango. Wanda lambarsa ta canza an ɗaure shi da agogon gida. Ka tambayi kanka a kan kowanne ko haka kake so, ka mayar da wanda ya ɓata inda ya dace.

Mai zuwa Birtaniya a Satumba wannan gwajin ba zai nuna masa komai ba, tunda agogon ɗaya ne a lokacin. Shi sai ya zaɓi Landan, ya buɗe kalanda ya leƙa makon farko na Nuwamba, a nan zai ga abin da ya zame. In ka gama ka mayar da saitin kai-tsaye, kada ƙararrawar Asuba ta tashe ka da agogon Kuala Lumpur kana kwance a Tudun Wada.